Wanda Ya Fi Samun Zaɓin Farko Ba Lallai Ne Ya Yi Nasara Ba

Mutane da yawa suna zaton cewa a zaɓen da ake jera 'yan takara bisa fifiko, sakamakon zagayen farko ne yake nuna matsayin kowa. Ba haka ba ne, domin ana fitar da jerin ƙarshe ne daga yadda aka riƙa cire na ƙarshe a kowane zagaye.

A ɗauka masu zaɓe 100 ne, A ya samu 35, B 28, C 22, D kuma 15. Tunda babu wanda ya haura rabi, sai a cire D, a duba zaɓi na biyu a takardunsa kaɗai. Idan 10 sun koma ga C, 3 ga B, 2 kuma suka ƙare domin ba su nuna zaɓi na gaba ba, C zai kai 32, B ya tsaya a 31. Ke nan B, wanda ya zo na biyu da farko, shi za a cire yanzu da bambancin ƙuri'a ɗaya tak. Daga takardunsa 31, idan 20 sun tafi ga C, 9 ga A, 2 suka ƙare, C ya yi nasara da 52 a kan 44 na A, jerin kuwa ya zama C, A, B, D.

Inda masu ƙirga suka fi tuntuɓe shi ne takardar da zaɓinta na gaba an riga an cire shi. Tsallake shi ake yi zuwa sunan da ke biye. A kowane zagaye kuma, ƙuri'un 'yan takara da takardun da suka ƙare dole su haɗu su ba da 100.