Buhu Goma Suka Shiga, Bakwai da Rabi Suka Fito

Lissafin da na yi a takarda babu kuskure ko ɗaya a cikinsa, har gobe ina riƙe da takardar ga mai son dubawa. Ka sayi masara da kaka lokacin da manoma ke neman kuɗin biki da biyan bashin taki, ka kulle ɗaki, ka jira watan Yuni ko Yuli sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa, ka buɗe ka ninka kuɗinka. Haka na ga an yi a shekarar 2023, inda wani maƙwabcinmu a Tudun Wadan Zariya ya shiga kaka da babur ya fito damina da mota. Don haka da na kwashi adashe a kakar 2024, ban tsaya shawara da kowa ba na hau motar kasuwar hatsi ta Giwa.

A ranar, busasshiyar masara tana naira dubu 60 buhu. Ina cikin zagaye sai wani dillali mai fara'a ya kama hannuna ya ja ni gefe, ya ce ya ga alamar ni mutumin kirki ne, akwai wata ta dubu 52, sabuwar sussuka, jiya ta baro gona. Ya soka bututun ɗauko samfur a buhu ya zubo mini a tafin hannu. Fara ce tas, ƙwayoyin manya-manya, ga sheƙi. Na ɗauki ɗaya na ciza don kada a gane baƙo ne ni, domin na ga kowa yana yi. Abin da ake nema a cizon ne ba a gaya mini ba. Na ji ta da ɗan taushi, haƙori ya shige ba gardama, na ce a raina lallai wannan za ta yi daɗin tuwo. Na sayi buhu goma, na ƙara da buhu uku na farin wake. Kuɗin mota da 'yan dako da la'ada na masarar kaɗai suka ci dubu 20.

Akwai wani ɗaki a gidanmu kusa da na yara, siminti ne a ƙasa, taga ɗaya. Nan aka jibge su a kan simintin, aka jingina su da bango sosai don a sami wurin ajiye keken Khalifa. Na sa kwaɗo biyu. Ni a lokacin ɓarawo kawai nake tsoro.

Hunturu bai gama kankama ba uwargida ta fara cewa, "Malam, ɗakin nan fa yana warin tsami." Na ce mata warin arziki ne, ba ta saba ba. Da warin ya fara tarar baƙi tun daga zaure, sai ta aika aka kira Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya tsufa a harkar hatsi a kasuwar Sabon Gari. Kawu bai ce komai ba da ya shiga. Ya farke bakin buhun tsakiya, ya tura hannu har gwiwar hannu, ya zaro, ya ce in saka nawa. Na saka. Ɗumi na ji, ɗumi sosai, alhali a waje mutane na yawo da rigar sanyi.

"Kai yaro, hura wuta ka yi a ciki?"

Ya ce ƙwayar hatsi rayayyiya ce, tana numfashi. In ta bushe numfashin kaɗan ne, sai ta yi kwanciyarta har shekara. In da ruwa a jikinta numfashin yana ƙaruwa, ya fid da zafi da gumi, fumfuna ta samu wurin zama, ita ma ta ƙara nata zafin. Ya sa aka kawo masa kwalbar lemo busasshiya, ya zuba masarar har kashi ɗaya cikin uku, ya ƙara cokali biyu na gishirin da aka shanya ya bushe, ya toshe, ya girgiza sosai, ya ajiye kamar kwata na awa yana shan kunun da aka kawo masa, ya sake girgizawa. Gishirin ya manne a jikin kwalba dam. Da masarar ta bushe, in ji shi, gishirin zai zube ƙasa ya bar kwalba fes. Daga nan ya ɗauko wata ƙwaya daga aljihunsa, ta rumfarsa, ya ce in ciza. Ta ce ƙas, har sai da na dafe muƙamuƙi. Ashe wannan ƙarar ake nema a Giwa.

Malaman gona na Samaru suna cewa masarar ajiya kada ruwan jikinta ya wuce kashi 13 cikin ɗari. Wadda aka sussuke da ɗanyenta tana iya kai kashi 20. Na koma takardata, domin ni lissafi ba ya ba ni tsoro: buhu mai kilo 100 a kashi 20, ainihin hatsin kilo 80 ne, in ya bushe zuwa kashi 13 zai tsaya a wajen kilo 92. Wato a kowane buhu na biya kuɗin kilo takwas na ruwa, na kuma biya mota ta kawo mini shi har Zariya, garin da muke da rijiya a tsakar gida.

Da aka janye buhunan daga bango sai aikin ya fito fili. Waɗanda ke ƙasa gindinsu ya dunƙule ya yi baƙi-baƙi da kore-kore, domin siminti yana tsotso sanyin ƙasa ya miƙa wa buhu, bango ma haka. Kawu ya ce ko busasshen hatsi ba a aza shi sai a kan katako, a ɗaga shi kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, a bar rata tsakaninsa da bango yadda mutum zai iya ratsawa ya duba, kyanwa ma ta samu hanya. Na ce to keken Khalifa fa? Ya kalle ni, ya ci gaba da shan kununsa.

Muka baje tamfol a tsakar gida da ƙofar gida. Na zama mai gadin shanya da sanda a hannu, awakin unguwa kuwa suka sanar da danginsu har na Tudun Jukun. Wadda ta yi fumfuna na ce a tsince a kai wa masu kaji ko a wanke a niƙa, asara ba ta zama biyu ba. Kawu ya hana. Ya ce irin wannan fumfunar tana barin guba a cikin ƙwaya, wanki ba ya fid da ita, dahuwa ba ta kashe ta, hanta take ci, kaji ma kashe su take yi ko ta hana su ƙwai, shi ya sa masu haɗa abincin kaji suke fasa buhu su sansana kafin su yi tayi. Buhu ɗaya da rabi muka haƙa rami muka binne. Shanya da awaki suka ɗauki buhu guda. Bakwai da rabi suka koma ɗaki, wannan karon a kan katako. Dubu 540 a raba bakwai da rabi, kowane buhu ya tsaya mini a dubu 72. Na dubu 60 ɗin da na tsallake a Giwa ya riƙa zuwa mini a mafarki.

Wake kuwa na ce ba zai ba ni kunya ba. Wani abokin aiki ya ba ni shawarar in sayi bom, ƙwayar maganin nan da ake ƙullewa a tsumma a tura cikin buhu. Kawu ya ji labari ya zo da kansa ko sallama bai gama ba. Ya ce iskar da bom ke fitarwa ba ta san ƙwaro ba, ba ta san mutum ba, kuma ba a sa shi a gidan da ake kwana, balle ɗakin da ya haɗa bango da na yara. Ya ce in nemi buhun nan mai hawa uku, leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ana zuba wake busasshe, a matse iska, a murɗe bakin ledar farko a ɗaure, a ɗaure ta biyu daban, a ɗaure na waje daban. Ƙwaron wake tun a gona yake shiga, ƙwansa na manne a jiki, ɗansa na cikin ƙwayar yana ci, shi ya sa za ka kulle wake mai kyau ka buɗe ka tarar da jama'a. A cikin ledar kuwa iskar da ta rage suke shaƙewa, ta ƙare, su mutu. Ba magani, ba wari. Sharaɗi ɗaya ne: kada iska ta sake shiga.

Na ɗaure buhu uku yadda aka ce. Sai dai mutumin da masara ta taɓa yi wa haka ba ya iya barci bai duba ba. Duk Juma'a bayan na dawo masallaci sai in kwance buhun da ke kusa da ƙofa, in tura hannu in ji ko da ɗumi, in juya shi sosai, in ɗaure. Na ɗauka kulawa nake yi. Su kuwa mutanen ciki, duk sa'ad da suka kai gargara sai ga Malam ya zo ya buɗe musu taga. Da zafin bazara ya shigo, ƙwaron da ke kammala zagayen haihuwarsa a cikin wata guda ko ƙasa da haka, sai na kara kunne na ji buhun yana ƙus-ƙus. Na buɗe, suka taso mini a fuska. Ƙwaya ɗaya huji uku, huɗu, ga fararen ƙwai a jiki, ga gari a ƙasa.

Buhu na biyu ban taɓa shi ba, amma ɓera ya taɓa. Huji ɗaya ya yi ta ƙasa, wanda yatsa ba zai shiga ba, kuma wannan ya isa. Na uku, wanda aka tura lungu na manta da shi saboda keken Khalifa ya tare shi, shi ne ya fito lafiya lau kamar ranar aka casa shi. Ina ganin a nan ya kamata Kawu ya janye kallon da ya yi mini game da keken, amma har yau bai janye ba.

Saura tashin farashi. Yuni ya zo, na shirya. Yuli ya zo. Farashin da ake cewa ba ya taɓa sauka da damina sai ya kama gangara a 2025. Masu bayani a majalisarmu suka ce amfani ya yi kyau, ga hatsin waje da gwamnati ta ɗage wa haraji, ga mu masu ajiya da muka yi yawa, kowa ya buɗe ɗakinsa a rana ɗaya. Na ce zan jira Agusta. Kawu ya ce marka na shigowa danshi zai koma ɗakin, kuma sabuwar masara na fitowa tsohuwa sai a roƙi mai saye. Na kai Sabon Gari aka taya dubu 43, na yi rantsuwa, na yi fushi, na yi kamar zan tafi babu wanda ya kira ni, na dawo muka daidaita a dubu 45.

Waken da ya huje babu wanda ya taya sai uwargida. Ta ce mai alala da ƙosai ba ruwanta da huji, in an surfa an wanke an markaɗa magana ta ƙare, amma rabin kuɗi za ta biya. Na ce, "Haba Hajiya, tsakaninmu?" Ta ce ai don tsakaninmu ne ta kai rabi. Na tambaye ta ina ta sami kuɗin, sai ta nuna mini jarkokin man gyaɗa huɗu a bayan ƙofar kicin, waɗanda na ɗauka ruwa ne a ciki. Tun kaka ta wanke su ta shanya, ta cika su da wake har wuya, ta sa leda a baki ta murɗe murfi, ba ta sake waiwayarsu ba sai da azumi, lokacin da kowane gida ke neman waken ƙosai.

Ta ƙirgo kuɗin ta miƙo mini, sannan ta zare dubu biyu daga sama. Na ce na mene ne? Ta ce na tsinta.