Wa ya shafe shekara biyar a gidan yari, alƙali ko fursuna?

Akwai wani salon jimla da ya mamaye labaran Hausa na intanet, musamman labaran kotu da na tsaro, kuma ya kai a yi magana a kansa. Ga irinsa: "Bayan shafe shekara biyar a gidan yari, alƙali ya sallami mutumin." Ko kuma: "Bayan kwashe kwana tara a hannun masu garkuwa, 'yan sanda sun ceto matar." Duk wanda ya bi jimlar farko yadda aka gina ta, alƙali ne ya yi zaman kaso. A ta biyu kuwa 'yan sanda ne aka yi garkuwa da su. Marubucin ba haka yake nufi ba, amma haka ya rubuta, kuma edita ya gani ya bari ta wuce.

Abin da ya faru a nan mai sauƙin ganewa ne. Yankin da ya buɗe jimlar, wato "bayan shafe shekara biyar", yana ɗauke da aiki amma ba a faɗi mai aikin ba. Hankalin mai karatu ba ya barin aiki babu mai shi, saboda haka yana riƙe da yankin har ya ci karo da sunan farko bayan waƙafi, sai ya ɗora masa. Idan sunan nan shi ne ainihin mai aikin, lafiya lau. Idan ba shi ba ne, bayanin ya sauka a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Wani lokaci ma mai aikin ba ya cikin jimlar gaba ɗaya, kamar a ce "Bayan biyan kuɗin makaranta, ƙofar ajin ta kasance a rufe." Wa ya biya? Ba a ambace shi ba, bayanin yana reto babu inda ya rataya.

Uzurin da aka saba bayarwa shi ne "ai mai karatu zai gane". Wannan magana ce ta ragwanci. Mai karatu ya gane labarin alƙali ne don ya riga ya san alƙalai ba sa zaman gidan yarin waɗanda suke yi wa shari'a, wato iliminsa na duniya ne ya yi aikin da marubuci ya ƙi yi. To ina ranar da ilimin duniya ba zai raba gardama ba? Ɗauki wannan: "Bayan shan kaye a zaɓen fid da gwani, shugaban jam'iyya ya gana da sanatan." Shugaban jam'iyya yana iya tsayawa takara ya faɗi, sanata ma haka. Babu abin da mai karatu zai jingina da shi, sai ya zaɓi wanda ya ga dama, ya yaɗa labarin a haka.

Masu cewa wannan ƙa'idar Turanci ce ake son ƙaƙaba wa Hausa sun juya maganar ne a baibai. Bahaushe a bakinsa ba ya cika sakin aiki babu mai shi. Cewa yake "bayan ta kwashe kwana tara", ko "da isarsa", ko "suna fitowa". Wannan ɗan ƙaramin wakilin sunan, ya ko ta ko suka, yana faɗin jinsi da adadi tun kafin a kai ga suna. Salon yar da shi ya yawaita ne inda ake fassara labari daga Turanci cikin gaggawa, ana bin jimlar asali ƙafa da ƙafa, ga kuma son taƙaita kanun labari. Hausa tana da maganin abin a cikin gininta, mu ne muke cire shi don mu rage kalma ɗaya.

Gwajin bai fi tambaya ɗaya ba. Duk jimlar da ta fara da "bayan", "kafin", "yayin", "domin" ko "ba tare da", kuma aiki ya biyo baya babu wakilin suna, a tsaya a tambaya: wa ya yi wannan aikin? Sannan a dubi sunan da ya zo daidai bayan waƙafi. In amsar ba ɗaya ba ce, a sāke gini. A labarin matar, dawo da wakilin suna ya wadatar, tunda ita ɗaya ce mace kuma 'yan sanda jam'i ne: "Bayan ta kwashe kwana tara a hannun masu garkuwa, 'yan sanda sun ceto matar." A labarin alƙali kuwa wannan dabarar ba ta isa ba, domin "bayan ya shafe" zai iya komawa ga kowannensu, duka maza ne. Dole sunan kansa ya shigo yankin farko: "Bayan mutumin ya shafe shekara biyar a gidan yari, alƙali ya sallame shi." Ba a ƙara komai ba sai "ya" da "shi", kuma babu sauran mai tambaya.

Ɗan'uwan wannan kuskure, wanda ya fi shi haɗari, shi ne bayanin da yake da mai shi amma aka ajiye shi kusa da wani. "An kama direban kwamishinan da ya saci kuɗin." Yankin "da ya saci kuɗin" yana manne da kwamishina, saboda haka rabin masu karatu za su tashi da cewa kwamishina ne ɓarawon. Wannan ya wuce batun ado a rubutu, ɓata suna ne, kuma jaridar da ta buga shi tana iya samun kanta gaban kotu. Inda jinsi ya bambanta, "wanda" da "wadda" suna warware matsalar: "matar ɗan majalisar da aka sace" harshen damo ce, amma "matar ɗan majalisar, wadda aka sace" ta fito fili. Inda jinsi ɗaya ne, kada a yi ta ƙoƙarin cusa komai a jimla guda. A raba biyu: "An kama direban kwamishinan. Ana zargin direban da satar kuɗin." Maimaita suna ba aibi ba ne a labari, tsoron maimaitawar ne ke jefa mutane cikin wannan rami.

Lokaci ma yana yawo haka. "Ministan ya ce za a buɗe hanyar ranar Litinin": ranar Litinin ya yi maganar, ko ranar Litinin za a buɗe? In maganar ce, a jawo ranar kusa da aikinta: "Ministan ya faɗa ranar Litinin cewa za a buɗe hanyar." Mai karanta labarai a rediyo yana iya ɗan tsagaitawa da murya ya raba ma'anar, amma allon waya ba shi da murya.

Ba kowane buɗi marar mai aiki ne laifi ba. "A taƙaice" ko "bisa ga dukkan alamu" suna magana ne a kan jimlar gaba ɗaya, ba su neman mai aiki, a bar su. Waɗanda suke neman mai aikin kuwa, nauyinsu yana kan edita. Ɗakin labaran da yake da lokacin zaɓen hoto da ƙirƙiro kanu mai jan hankali ba zai ce ya rasa minti ɗaya na karanta jimlar farko a tambayi wa ya yi me ba, kuma editan da ya bar alƙali a gidan yari bai karanta abin da ya sa wa hannu ba.