Layi na tara ya hana ni barci

Ƙanwata ce ta ajiye mini takarda da ɗigo shida a jiki. Uku gidaje ne, uku kuma ruwa, wuta da gas. Ta ce, "Yaya, ka haɗa kowane gida da kowanne daga cikin ukun nan, amma kada wani layi ya haura wani." Ni da nake koyar da lissafi, sai na yi murmushin manya, na ce ta ba ni minti biyu.

Ban fara da zane ba, na fara da burga. Na ce mata masanin lissafin nan Euler ya daɗe da gama mana aiki. Duk zanen da yake a haɗe, wanda aka shimfiɗa a takarda babu layin da ya haura wani, dole ya cika V − E + F = 2. V yawan ɗigo ne, E yawan layi, F yawan filayen da layukan suka yanka, har da babban filin waje da mutane ke yawan mantawa. Kowane fili yana bukatar aƙalla layi 3 su kewaye shi, kowane layi kuma iyaka ce tsakanin fili biyu, daga nan ake samun E ≤ 3V − 6. Har misali na ba ta: ɗigo 5 da aka haɗa kowanne da kowanne suna da layi 10, iyakar kuwa 9 ce, saboda haka ba za su shimfiɗu ba. Namu fa? Ɗigo 6, layi 9, iyaka 12. Tara bai kai sha biyu ba. Na bugi ƙirji na ce yana zanuwa.

Ya ƙi zanuwa.

Layi takwas suna shiga lafiya lau, na tara ne ɗan taurin kai. Na lanƙwasa shi, na zagaya da shi ta bakin takarda, na sauya wa gidaje mazauni, na goge har takardar ta huje. A wani zanen na ɗauka na ci, na ƙwala mata kira. Ta zo ta sa yatsa tana bin layin wuta a hankali, sai ga shi ya ratsa ta tsakiyar gida na biyu. Ta ce, "Yaya, ta falonsu wayar za ta bi?" Na ce ta je ta kwanta.

Sai wajen ƙarfe ɗaya na dare na ga inda na yi tuntuɓe, kuma abin kunyar shi ne kuskuren da nake yi wa ɗalibai jan biro a kai ne. Sharaɗin E ≤ 3V − 6 ƙofa ɗaya gare shi. In zane ya karya shi, tabbas ba ya shimfiɗuwa. In bai karya ba, ba ka san komai ba tukuna. Ni kuwa na riƙe shi kamar takardar izini.

Da na sauke girman kai na sake ƙirga. A ce zanen ya yiwu. To 6 − 9 + F = 2, filaye 5 ke nan. Yanzu bi gefen fili ɗaya da yatsa: daga gida sai ruwa ko wuta ko gas, daga can sai gida, domin babu layi tsakanin gida da gida, babu tsakanin ruwa da wuta. Kafin ka dawo inda ka tashi dole adadin layukan ya rabu biyu daidai. Uku ba zai yiwu ba, biyu ma haka, tunda ba a ja layi biyu tsakanin ɗigo biyu. Mafi ƙaranci 4 ne. Fili 5 sau 4 ya ba da 20. Amma layi 9 ne kawai, kowanne gefe biyu gare shi, 18 ke nan. Ana neman 20, abin da ke hannu 18. Duk wanda zai zana, ko wane irin lanƙwasa zai yi, gefe biyun nan ba za su fito ba. Wannan zanen shi ake kira K3,3, kuma iyakar da ta dace da irinsa ita ce E ≤ 2V − 4, wato 8. Takwas ɗin nan da na yini ina samu.

Na koma kan zanena na ƙarshe na duba. Gida na ɗaya, ruwa, gida na biyu da wuta sun yi zobe a rufe. Gas yana cikin zoben, gida na uku yana waje. Layi 8, fili 4, kowanne gefe huɗu cif, 16 daidai, babu ko tsagar da layi na tara zai bi.

Da safe na zaunar da ita na yi mata bayanin 18 da 20 tiryan-tiryan, ina ta ƙoƙarin kada zancen jiya ya taso. Ta saurara har ƙarshe, ta tattara takardun da na ɓata tana ƙirgawa, sannan ta ce malaminsu ya gaya musu tun a aji cewa ba ya yiwuwa, so take ta ga minti biyun nawa ne.