Saƙon guruf ɗin aiki ba hirar majalisa ba ce

'Yan uwana matasa da aka fara ɗauka aiki a kamfanoni da ƙungiyoyi a nan Kaduna, akwai wata ɗabi'a da muka kwaso daga hirar abokai muka shigo da ita guruf ɗin ofis, kuma wallahi tana zubar mana da daraja ba mu sani ba. Mutum ya yi digiri, ya yi bautar ƙasa, amma saƙon da zai tura wa abokan aikinsa a WhatsApp sai an tara mutum uku kafin a gane me yake nufi. Ba sai na yi dogon bayani ba, mu ɗauki kamfanin haɗa sola, an ba wani yaro aikin sanar da tafiya, ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare ya turo wannan:

slm guys gobe xamu je site din mll 8 kowa yaxo da wuri pls a dauko btry 4 da inv din nan oga yace ba excuse acct ta turo 15 na trnsprt ngd

Shi a ransa ya gama aiki, ya kashe data ya kwanta. To mu bi saƙon a hankali.

Matsalar farko ba x ɗin da ya sa a madadin z ba ce, wannan ƙaramin abu ne. Matsalar ita ce gobe. Wanda ya buɗe wayarsa bayan sallar asuba ranar Laraba ya ga gobe, sai ya ɗauka Alhamis ake nufi, ya koma barcinsa. Ba kowa ke tsayawa duba lokacin da aka turo saƙo ba, balle in an yi fowadin ɗinsa zuwa wani guruf, nan kam lokacin asali ma ya ɓace. Sai kuma 8 ɗin nan, ƙarfe takwas za a haɗu a ofis ne ko ƙarfe takwas za a kasance a wurin aikin? Wanda ke zaune a Rigasa ko Mando lissafinsa ba ɗaya ba ne da na Unguwar Rimi, wancan sai ya fito tun da sassafe kafin cunkoso, wannan kuma Malali, wato mll ɗin da ke cikin saƙon, tana bayan gidansa, ƙila ma ya ce bari ya wuce can kai tsaye ya yi ta jira.

Inda abin ya fi ciwo shi ne inv. A kamfanin sola wannan gajartawar tana iya zama inbata, tana iya zama inbois, wato takardar kuɗin da za a ba kwastoma. Mai kula da sito ya karanta ya ɗauka takarda ce, ya ce ai wannan aikin akanta ne, akanta ita kuma ta ɗauka na'ura ce ta ce ba ruwanta. A je Malali, a sauke batir, a hau rufi, sai a tarar babu inbata. A sake juyo da mota, an ƙona mai, an ɓata rabin yini, kwastoma yana tsaye yana kallon agogo. Haka batir huɗun, in akwai masu 100Ah da masu 200Ah a sito, wanne? Sannan ku dubi "a dauko". Wa zai ɗauko? Duk aikin da aka ce "a yi" a guruf mai mutum goma, kowa zai zata ɗan uwansa ake nufi, ƙarshe ba wanda zai taɓa.

Ga yadda ya kamata saƙon ya fita:

Assalamu alaikum, barkanmu da dare.
*Aikin Malali: Laraba 14 ga wata. Mota za ta tashi daga ofis ƙarfe 8:00 na safe.*
Mai sito, don Allah ka fitar da batir 200Ah guda huɗu da inbata mai 5kVA kafin 7:30.
Hajiya Akanta, muna buƙatar N15,000 na mai da 'yan dako, a tura wa direba kafin mu tashi.
Injiniya ya ce yana son kowa ya halarta. Wanda yake da uzuri ya sanar da ni kafin 7:00 na safe.
Na gode.

Ku lura bai zama wasiƙar neman aiki ba. Layi shida ne kawai. An sa rana da kwanan wata, an sa wuri, kowane aiki an rataya shi a wuyan mutum ɗaya, kuɗi an rubuta shi cikakke yadda ba wanda zai ce naira dubu ɗari da hamsin ya gani. Taurarin nan biyu da ke gefen layi na biyu su ke sa rubutun ya yi kauri a WhatsApp, kuma da gangan aka kawo shi sama, saboda sanarwar da ke faɗowa a fuskar waya farkon saƙo kawai take nunawa. In kana son mutum ya tabbatar ya gani, danna @ ka zaɓi sunansa.

Maganar "oga yace ba excuse" kuwa, ka cire ta. Kai ba oga ba ne, cikin guruf ɗin akwai wanda ya haife ka, kuma in ka ari bakin oga ka ci masa albasa haushinka za a ji, ba nasa ba. Umarnin yana nan a gyararren saƙon, barazanar ce kawai aka sauke, aka kuma buɗe wa mai uzuri ƙofa. Haka guys ɗin nan, Hajiya mai shekara hamsin ba guys ba ce.

Wani zai ce ai duk mun gane slm da ngd da lfy. Mu da muka taso da su mun gane, amma nan fa Kaduna ce. Abokin aikinka daga Barnawa ko Sabon Tasha yana jin Hausa rangaɗau a baki, in ka rubuta masa "za mu je" zai karanta, in ka rubuta xamu ko yxu sai ya tsaya yana haɗa harufa, kunya kuma ta hana shi tambaya a gaban jama'a. Ka zaɓi harshe ɗaya da kowa ke ji a guruf ɗin, Hausa ko Turanci, ka rubuta kalmomin a cike. Gajartawar da za ka bari ita ce ta sana'a wadda kowa ya sani kuma ma'anarta ɗaya, irin kVA da Ah. Babban harafi a farkon jimla, da sunan mutum, da unguwa, da ranar mako. Da an rubuta Malali da babban M tun farko ba wanda zai zata wani Malam ake nufi. Wannan ma wayarka za ta taya ka, in Gboard kake amfani da shi ka shiga saitin Text correction ka kunna Auto-capitalization, ka kuma ƙara Hausa a cikin harsunan kibod ɗin don ka samu ƙ da ɗ da ɓ.

Sai dai kar gyara ya wuce gona da iri. Akwai masu jin an ce a yi rubutu na ofis sai su cika layi biyar da gaisuwa, ya iyali ya gajiya ya ƙoƙari da fatan alheri, ainihin maganar tana can ƙasa ƙarƙashin Read more inda ba wanda zai kai. Sallama ɗaya ta wadatar. Haka rubuta komai da manyan harufa, wannan ihu ne. Da masu yanka saƙo gida bakwai, kowace kalma biyu a tura, wayar mutane ta yi ta ƙara, wani ya sako hoto a tsakiya maganar ta tarwatse. Haɗa shi wuri ɗaya, ka karanta sau ɗaya kamar kai ne direban da bai san komai a kan aikin ba, in akwai tambayar da za ka yi to saƙon bai kammala ba.

In kuma ka riga ka tura sannan ka hango kuskure, WhatsApp yana ba ka minti 15 ka danne saƙon ka zaɓi Edit. Amma gyaran ba ya sake buga wa kowa ƙararrawa, wanda ya riga ya karanta 8:00 ba zai san ka mayar da shi 9:00 ba. Don haka in harafi ne ya kuskure, gyara shiru ya isa, in kuwa lokaci ne ko kuɗi ko wuri ya canza, ka turo sabon saƙo da ya fara da "Gyara", ka faɗi tsohon ka faɗi sabon, sannan ka kira direba da mai sito a waya.