Mai neman natsuwa a hutun amarci, Talata zai nema

Tun jiya maganar wani yaro sabon ango take cina. Ya fito ya yi tambaya cikin ladabi: ɗan abin da ya rage masa bayan biki ba shi da yawa, amaryarsa mai kunya ce, yana son inda za su je su huta su biyu ba hayaniya. Me aka ba shi? Wannan ya ce Dubai. Wancan ya ce ya kama babban otel a Abuja ranar Juma'a. Wata ma ta ce ya sauka gidan yayansa a Kaduna, ai ɗaki kyauta ne. Gidan yayansa fa! Inda matar yaya za ta ƙwanƙwasa ƙofa da sassafe, yara su cika ɗakin amarya suna neman alawa, maƙwabta su yi layin ganin amarya. Haba jama'a, kun ma karanta tambayar kuwa?

Yaron natsuwa ya nema, kuma natsuwa ranar tafiya ce ke kawo ta. Waje ɗaya, ɗaki ɗaya, kuɗi ɗaya, amma Talatarsa da Asabar ɗinsa ba su haɗa hanya ba. Wanda ya gane wannan zai huta da ɗan abin hannunsa, wanda bai gane ba ko miliyan ya kashe cikin taro zai kwana.

Ku ɗauki gandun namun daji na Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi. Tun 1962 aka buɗe ta ga masu ziyara, amma yawancinmu sai da sallah ko Kirsimeti ko sabuwar shekara muke tunawa da ita. Sai mutum ya je a irin waɗannan ranaku, ya tarar da motocin 'yan makaranta, ruwan Wikki cike da samari, ya dawo yana cewa wajen ba sirri. To ka je ranar da kowa ke zuwa, me kake tsammani? Ka shiga ranar Litinin ka fito Alhamis, a makon da ba hutun makaranta, ba hutun gwamnati. A irin wannan mako masaukin yakan yi tsit, har ka ji motsin mugun dawa yana kiwo a bayan ɗakinku.

Wikki ɗin ma da lokacinsa. Ruwa ne mai ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa kusan digiri 31 dare da rana, rani da damina. Amma waje ne na kowa, ba wanda zai rufe maka shi. Idan amaryarka ba ta son idon maza, ku sauka bayan sallar asuba, gari na fara wayewa. Lokacin sanyin hunturu za ka ga tururi na tashi a saman ruwan, sauran baƙi kuwa suna cikin bargo. Ta shiga da doguwar rigarta mara nauyi, ku yi wankanku, kafin hantsi kun koma ɗaki. Wanda ya sauka da la'asar ranar Asabar ya ce zai sami haka, yaudarar kansa yake.

Na ga masu cewa wai amarci a daji ƙauyanci ne. Ku riƙe ra'ayinku. Wanda ya ci bashi ya hau jirgi don a ga hotonsa, shi zai zauna da masu bin bashi in ya dawo, lokacin da shinkafar gara ta ƙare. Masu cewa ba al'adarmu ba ce kuwa, to kwana uku da mutum zai keɓe da matarsa ta sunna, wace al'ada ya karya?

Ango, ga lissafin, tunda shi ne ba wanda ya yi maka. Mu ce naira 300,000 ce a hannunka. Ware 100,000 ka bar ta a gida, ba ta cikin tafiyar, ita ce cefanen watan farko. Da sauran za ka yi komai, kuma abin da zai fi cinye ta mota ce idan ba ka da taka. Daga garin Bauchi zuwa masaukin ya haura kilomita 100, kuma daga ƙofar shiga ta Mainamaji kawai sai ka ƙara tafiyar kusan kilomita 40 cikin daji. Ba ka tsayawa bakin titi a can ka tare motar haya. Shata za ka ɗauka daga Bauchi, ku yi ciniki na zuwa da dawowa gaba ɗaya, ku tsayar da ranar da zai dawo ɗaukarku da sa'arta, ka riƙe rabin kuɗinsa sai ya dawo. Kar ka dogara da cewa za ka kira shi, don sabis na waya a can yana zuwa yana ɗaukewa. Saboda haka ma ka riƙe tsabar kuɗi, kar ka ce sai tiransifa. Idan bayan kuɗin mota abin da ya rage na kwana biyu ne, ka yi biyu. Daidai ruwa daidai tsaki.

Kafin ka biya ɗaki ka tambayi abu biyu: ƙarfe nawa ake ba da wuta, kuma akwai wata tawaga ko taro da aka yi wa ajiyar ɗakuna a makon? Tambaya ta biyu ita ce gaba ɗaya maganata. Taron ma'aikata guda ɗaya ya isa ya mayar maka da Talata Asabar. In ka isa, ka duba ɗakin da idonka, ka buɗe famfo, ka gwada sakata, ka nemi wanda ke nesa da ɗakin cin abinci.

Abinci kuwa, ku tafi da kilishi, biredi, kayan shayi, da cincin da dubulan ɗin da suka rage na biki, sai ku riƙa sayen abinci mai zafi sau ɗaya a rana. Amma ku rufe ƙofa da taga. Gwaggon birin wajen ba ya tsoron mutum, yana ganin leda a hannun amarya zai fizge, in ƙofa a buɗe take har ɗaki zai shiga. Zagayen kallon namun daji sau ɗaya ya isa, da safe ko da yamma, kuma da rani aka fi ganinsu, lokacin da ciyawa ta bushe suka taru wajen kogin Gaji. Kar ka yi mata alkawarin giwa, ba kullum take fitowa ba.

Maganar tsaro ita kaɗai ce ba zan yi wasa da ita ba. Ka tambayi mutanen Bauchi halin da hanyar take ciki a makon da za ka tafi, ka yi tafiyarka da rana tsaka, ka isa kafin la'asar. In an ce maka ba lafiya, ka juya Jos ka kama ƙaramin masauki a unguwa mai shiru irin Rayfield, da sharaɗin nan dai: Litinin zuwa Alhamis. Iyayenku da mutum ɗaya amintacce su san inda kuke. Sauran duniya su gani bayan kun dawo, don wanda ya ɗora hoto yana can, shi ya gayyato kiran waya da hannunsa.

Af, tunda na ambaci kiran waya: ku ƙawayen amarya, don girman Allah ku sarara mata. Yarinya kwana biyu da tarewa, kuna kiranta ta bidiyo ƙarfe goma na dare ku ce ta juya muku kyamara ku ga labule da kujeru. Ba ku kuka yi jeren ba? Ku bari a yi wata guda tukuna, sannan ku zo da rana, ku kuma sanar kafin ku taho.