Ranar da na yi wa zagi wanka

Ni ne magatakarda a ofishinmu na raba taki, a wani ƙauye kusa da Auyo. Ranar Laraba mota ta sauke buhu 186 maimakon 200, kafin la'asar guruf ɗinmu na WhatsApp ya kama da wuta. Saƙo 47, ban da na murya. Shugabanmu ya ce, "Malam, tattara wannan hayaniyar ka mai da ita imel ɗaya mai mutunci, a tura wa Oga a Dutse."

Na zaɓi saƙonnin duka na kwafe, suka taho da sunan kowa da lokacin da ya yi magana, na zuba su a cikin imel ɗin don in riƙa dubawa ina rubutu a sama. Dabarata ita ce in tsince abin da ake iya ƙirgawa, wato rana, adadi da wanda zai yi mene, in zubar da sauran. Mai sito ya rubuta wa direba, "Buhu 14 ba su da fiffike, kai ka san inda ka sauke su." Na mai da shi, "An lura da giɓin buhu 14 tsakanin abin da aka zata da abin da ya iso." Wannan "an" ɗin, Allah ya yi masa albarka, ba ya nuna kowa da yatsa. Akanta ta ce ba za ta sa hannu a takardar ɓarayi ba, na rubuta cewa sashen kuɗi na jiran ƙarin bayani kafin Litinin.

Saƙon Baba direba ne ya gagare ni. Ya fara da "kai yaro", ya bi ta kan kakan mai sito, ya yi layi tara. Ban kai ƙarshe ba na yanke hukunci babu abin tsinta a ciki.

Na sa sallama da "ranka ya daɗe", na rubuta kan magana a Subject, na jera kowa a Cc, wato gurbin waɗanda za su samu kwafi. Na hau tudun bayan makaranta inda sabis yake kamawa, na tura, na sauko ina jin kaina.

Da safe amsa ta zo. Ashe ban goge ɗanyen kayan da ke ƙasan sa hannuna ba. Oga ya ce a layi na takwas na zagin Baba akwai magana: takardar lodi ma 186 ta nuna, sauran 14 suna sito a Dutse, ba a loda su ba.

Sai ya ƙara da cewa ya ga saƙo na 31, inda wani ya ce Oga ba ya karanta komai sai takardar alawus. Sunana ne a jiki, ƙarfe 3:12.

"Na karanta," in ji shi. "Har ƙasa."