Ta ba kanta uku, kai kuma ka yarda?

Wallahi tun jiya maganar baiwar Allahn nan mai kula da sitonmu take ci mini rai. Kun dai ji yadda aka ƙare. An fitar da sunayen masu samun ƙarin albashi, babu nata. Dalili? Wai ita da hannunta ta ba kanta maki 3 cikin 5 a fom ɗin auna ƙwazo na ƙarshen shekara. Madalla da wannan bincike mai zurfi, ranka ya daɗe manaja!

Ga yadda lissafin ya tafi, don kar a ce son kai nake. A wajenmu ana haɗa makin da ma'aikaci ya ba kansa da wanda ogansa ya ba shi, a raba biyu. Wanda ya kai 4 ya haye. Oga ya ba ta 4, ta ba kanta 3, ta tashi da uku da rabi. Abokin aikinta, wanda sau biyu ana mayar masa da rahoto saboda kuskuren lissafi, ya zabga wa kansa 5, oga ya ba shi 3, ya tashi da 4 cif. Shi ya haye, ita ta zauna. Ku duba da kyau: oga da kansa ya san ta fi shi. Fom ɗin nan ba aiki ya auna ba, ƙarfin halin yabon kai ya auna.

Matar da aka yi wa tarbiyya da "yabon kai jahilci" tun tana ƙarama, wadda ko girkinta aka yaba sai ta sunkuyar da kai ta ce gishiri ya so ya yi yawa, ita kake jira ta rubuta wa na gaba da ita cewa babu kamarta? Ga kunya, ga kawaici, ga gudun riya, ga tsoron baki. Uku a wajenta ba "matsakaici" take nufi ba. Nufinta, na yi nawa, saura kai da ka gani ka faɗa. Ta bar maka gurbin yabo ne, kai kuma ka ɗauka ta amsa laifi.

Na ga abin da ta rubuta. "Alhamdulillahi, mun yi ƙoƙari wajen daidaita kayan sito." Shi ke nan. Wane "mu"? Ita kaɗai ta yi Asabar uku tana ƙirga katan-katan, ta gano rasit ɗin da aka biya sau biyu, masu binciken kuɗi suka zo suka tafi ba su sami abin cewa ba. Duk wannan ya dunƙule cikin "mun yi ƙoƙari". Manajan da bai san cewa "mu" ɗin Bahaushe sau da yawa "ni" ce da ta yafa mayafi ba, bai fara karanta fom ba tukuna.

Na san masu cewa ai ba yarinya ba ce, ta koyi tallata kanta, zamani ya canza. To, naji. Har ayar da Annabi Yusuf ya ce a ɗora shi kan taskokin ƙasa domin shi mai tsarewa ne, masani, na karanto mata, kuma gaskiya ce, faɗin abin da ka iya ba girman kai ba ne. Amma tarbiyyar shekara arba'in ba ta gogewa da takardar sanarwa ɗaya. Kuma wa ake biya albashi don ya san aikin mutanensa? Ita ko shi?

Abin ba wuya gare shi ba. Ka rubuta naka makin kafin ka buɗe nata, domin da zarar idonka ya faɗa kan 3, hannunka zai yi nauyin rubuta 5. Ka daina raba biyu. In makinta ya yi ƙasa da naka, kira ta, kuma kar ka ce "nawa kike ganin kin cancanta", don za ta ce duk yadda ka gani. Tambaye ta: wa ya gano rasit ɗin nan? Kwana nawa ƙirgar ta ɗauka? Mai kunya ba ya yabon kansa, amma in ka tambaye shi abin da ya faru ba zai ɓoye ba. Sannan ka jawo fom ɗinta na bara da bara waccan. In kullum 3 take ba kanta, aiki ya yi kyau ko bai yi ba, to lambar nan halinta take nunawa. Ranar da ta sauko 2, wannan ita ce ranar da ya kamata hankalinka ya tashi, don akwai abin da ke damunta.

Af, kuma wanda ya tsara a rufe shafin cike fom ƙarfe goma sha biyun daren Juma'a, alhali tun la'asar babu sabis a unguwarmu, Allah ya shirye shi. Sai da na hau babur har bakin titi da waya a hannu kamar mai neman jinjirin wata.